Uku Na Yi Ko Huɗu?

Na daɗe ina yin wani kuskure da ba na so ku maimaita, ƙannena. Duk lokacin da lissafin raka'o'i ya ɓace mini, sai in yanke sallar in sake kabbarar harama. A zatona tsantseni ne. Ashe waswasi nake ciyarwa, har ta kai ina tayar da La'asar ɗaya sau uku.

Wani dattijo da ke zaune a gefena ne ya lura. Da na idar ya ce, "Ɗana, ba a rushe salla saboda shakka. A kan yaƙini ake gini."

Ga yadda abin yake. Kana La'asar kai kaɗai, ka ɗago daga sujada ta biyu, sai ka rasa ko raka'a ta uku ka gama ko ta huɗu. Uku dai ka tabbata ka yi su, ta huɗun ce ake kokwanto a kanta. To ka ɗauka uku ne. Ka miƙe, ka karanta Fatiha a asirce, ka yi ruku'u da sujada, ka zauna tahiya, ka sallame. Kana nan zaune, ka ƙudurta niyya, ka yi kabbara ka yi sujada biyu da ɗan zama a tsakaninsu, ka sake tahiya da sallama. Wannan shi ne ba'adi.

Me ya sa bayan sallama? A mazhabar Malikiyya ƙa'idar ita ce ragi ƙabli, ƙari ba'adi, in sun haɗu kuma ƙabli. A nan ba ka rage komai ba, abin da ake tsoro shi ne wataƙila ka yi biyar. Wasu malaman suna cewa kafin sallama za a yi, saboda hadisin Abu Sa'id al-Khudri da Muslim ya ruwaito, don haka kada ka yi jayayya da wanda ka ga ya yi hakan.

Da na koyi wannan sai na sake faɗawa wani ramin: na riƙa yin sujadar ba tare da kawo raka'ar ba. Na yi watanni a haka, kuma har yau abin yana damuna. Sujadar rafkanwa ba ta biyan raka'a, domin farilla sai an kawo ta ita kanta. Sunnoni masu ƙarfi take gyarawa, kamar zaman tahiyar farko idan ka mance shi har ka miƙe tsaye, wanda ƙabli ake yi masa.

Akwai kuma wanda shakka ta zame masa jiki, kullum sai ta zo masa ko da sau ɗaya ne. Malikiyya ba su ce ya ƙara raka'a ba. Ya ɗauka huɗu ya yi, ya sallame, ya yi ba'adi. Daga baya na tsinci kaina cikin waɗannan, kuma da wannan hukuncin ne waswasin ya fara sakina.