Sunan da nake fara gani kafin in buɗe takardarka

Mu huɗu ne a kamfaninmu, kuma aikinmu nemo wa ƙananan kamfanoni ma'aikata. Mai kamfani zai ce yana son akanta ko mai kula da sito, mu fitar da sanarwa, mu tace takardun da suka shigo, mu miƙa masa mutum biyar ko shida ya yi musu intabiyu. Rabin wunina a gaban akwatin imel yake ƙarewa. Shi ya sa idan aka tambaye ni wane irin adireshin imel ya dace da mai neman aiki, ba ta fuskar burgewa nake amsawa ba. Damuwata ita ce: idan na neme ka, zan same ka?

Kowane saƙo yana zuwa da abu biyu a layin mai aikowa, suna da adireshi. A bayan fage haka suke zama:

```
From: Musa Garba <musa.garba@example.com>
```

Musa Garba ɗin misali ne kawai. Na farkon shi ne sunan da ke bayyana, na cikin alamomin nan biyu shi ne adireshi. Mutane sun fi damuwa da adireshin, alhali a jerin saƙonnin da ke akwatina sunan kaɗai nake gani, musamman a waya. Sai na buɗe saƙon na taɓa sunan kafin adireshin ya fito. Shi kuwa mai saƙon bai cika ganin sunan nan ba, domin a cikin nasa akwatin manhajar takan rubuta `me` ne a gurbinsa. Mutum sai ya shekara biyar yana aika saƙo da sunan da bai san yana ɗauke da shi ba.

Haka ta faru da wata mai neman aikin akanta. Takardu sun haura ɗari a wannan karon. Abokin aikina ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta sunayen waɗanda suka cancanta a takardar aiki kamar yadda suke a saman tarihin aikin kowa, kuma nata ne na biyu. Bayan kwana uku na zauna tura gayyatar intabiyu. Na rubuta sunanta a wurin bincike, babu. Na gwada sunan mahaifinta, sai wasu mutum biyu daban suka fito. Dalili kuwa, tarihin aikin nata hoto ta ɗauka da waya ta liƙa, sunan fayil ɗin `IMG_2041.jpg`, ba ta rubuta komai a jikin saƙon ba, a kan saƙon kuma sunan gurbin aikin kawai ta sa, irin wanda kowa ya sa. Ke nan babu ko wuri ɗaya da sunanta ya fito a matsayin rubutun da bincike zai kama. Sai da muka koma muna buɗe saƙonni ɗaya-ɗaya kafin muka gano ta a ƙarƙashin wani laƙabi na namiji mai alamar wuta a gefe. Ashe ƙanenta ne ya buɗe mata asusun ranar da ta sayi waya, ya cika gurbin suna da abin da abokansa ke kiransa.

Mun same ta ne don abokin aikina ya dage cewa takardarta ta fi ta kowa tsari a lissafi. A ranar da aiki ya yi yawa, gaskiya, da na wuce zuwa suna na gaba.

Da ta zo ofis na juya mata allon kwamfutata na ce, "Malama, kin san wannan sunan?" Ta rufe baki da hannu. A nan take muka gyara, kuma bai kai minti biyar ba. A Gmail ana yin gyaran ne ta burauza a kwamfuta: a shiga `Settings`, sai `See all settings`, sai `Accounts and Import`, a gangara zuwa `Send mail as`, a danna `edit info`, a rubuta sunan a adana. Muka kuma shiga shafin asusun Google ɗinta muka canza sunan da ke can da hoton, domin su ne ke fitowa idan aka gayyace ta intabiyu ta bidiyo a Meet. Wurare biyu ne, kuma gyara ɗaya ba lallai ya gyara ɗayan ba. Akwai ma na uku ga mai amfani da wata manhajar imel daban, kamar Mail ta iPhone, wadda ke da nata gurbin suna a saitin asusu. Na sha ganin mutum ɗaya ya turo saƙo biyu, na kwamfuta da cikakken sunansa, na waya da laƙabi.

Hanyar tabbatarwa ita ce ka tura saƙo ga wanda bai taɓa adana adireshinka ba, ka ce ya gaya maka abin da ya gani. Kada ka gwada da ɗan'uwa ko aboki, don manhajarsa tana iya nuna masa sunan da shi ya adana ka da shi, ka tafi kana zaton komai lafiya.

Me za a rubuta a gurbin? Sunan da ke saman tarihin aikinka, harafi da harafi, kuma a jere iri ɗaya. Idan can ka sa sunanka sannan na mahaifi, to nan ma haka. Ba na son ganin muƙami ko taƙaitaccen sunan digiri a ciki, ba don laifi ne ba, sai don allon waya yana yanke dogon suna, in ga muƙamin in rasa mutumin. Manyan haruffa zalla ma ba sa ƙara komai. Wanda ya canza suna, ko wadda satifiket ɗinta ke ɗauke da sunan mahaifi amma tana amfani da na miji, ta zaɓi ɗaya ta yi amfani da shi a ko'ina, ta ambaci ɗayan a layi guda cikin wasiƙarta. Wannan layin ya ishe ni.

Adireshin matar ma nasa matsalar daban ce. Laƙabin ƙanen ne, sai lambobi shida a jere. Shi ba mu taɓa shi ba, sabo muka buɗe don neman aiki kaɗai. Nan ne ake cin karo da ƙa'idojin kowane gidan imel. Gmail yana karɓar tsawon haruffa 6 zuwa 30, kuma haruffan boko na Ingilishi da lambobi da ɗigo kawai yake yarda da su. Ba ya karɓar `_` ko `-`, ba kamar Outlook ba da ke karɓarsu. Ƙ da ɗ da ɓ ba sa shiga, haka ma alamar da ke tsakiyar suna irin Mu'azu ko Sa'adatu, dole a rubuta `muazu`. A sunan da ke bayyana kana iya barin su, sai dai na taɓa ganin tsohuwar manhajar tattara takardun wani kamfani ta mayar da ƙ alamar tambaya. Saboda haka nakan ce a bi yadda sunan yake a takardun shaida.

Da wuya ka samu sunanka da na mahaifinka kawai babu wanda ya riga ka, tunda Gmail yana nan tun 2004. Kuma sa ɗigo ba ya buɗe maka ƙofa, domin Gmail ba ya lissafa shi: `musagarba` da `musa.garba` akwati ɗaya ne. Amfanin ɗigon ga mai karatu ne, yana raba sunayen ido ya kama su da sauri. Idan an riga ka, ƙara harafin farko na suna na uku, kamar `musa.a.garba`, ko juya jerin, ko ƙara sana'a idan ka tabbata a cikinta za ka zauna. Lamba ita ce zaɓi na ƙarshe, kuma gajera. Mutane sun fi son shekarar haihuwa don ba a manta ta, amma da ita kana sanar da shekarunka kafin a tambaye ka, kana kuma ba 'yan damfara ɗaya daga cikin abubuwan da ake tantance mutum da su. Ni dai ba na ƙin takarda don lamba, ƙarya ne in ce ina yi. Abin da nake tsoro kuskuren kwafi ne.

Adireshi ba kullum ake danna shi ba. Wani lokaci daga takardar da aka buga sakatare zai kwafa, wani lokaci ta waya za ka faɗa. Ƙaramin `l` da lamba `1` kusan ɗaya suke a wasu rubutun, haka `o` da `0`, kuma `r` da `n` idan suka haɗu sai su koma kamar `m`. Kuskuren harafi ɗaya yana da fuska biyu. Idan babu mai wancan adireshin, saƙon zai dawo mana da sanarwar cewa bai isa ba, mu kira ka a waya. Idan kuwa akwai mai shi, gayyatarka ta tafi ga baƙo, mu ɗauka ka gani ka yi shiru. Ta biyun ta fi muni don babu wanda zai sani. Gwajin da na yi wa matar nan shi ne na ce ta fita waje ta kira abokin aikina ta faɗa masa sabon adireshin sau ɗaya. Ya rubuta daidai, sai muka tsaya a kansa.

Akwai iri uku da nake hanawa kai tsaye. Adireshin wurin da kake aiki yanzu ba naka ba ne, masu kula da kwamfutocin kamfanin suna iya ganin abin da ke ciki, kuma ranar da ka bar aiki za a rufe shi. Na makaranta ma sau da yawa ana rufe shi bayan an gama karatu, alhali mu mukan koma kan tsofaffin takardu bayan shekara idan gurbi makamancin na baya ya fito. Sai na haɗaka, na miji da mata ko na gida gaba ɗaya, wanda ba ka san wa ya buɗe saƙon ya manta bai faɗa ba.

Sabon asusu kuma yana da nasa tarkon: a buɗe shi a kwamfuta, a manta ba a sa shi a waya ba. Kafin matar ta tashi sai da muka ƙara shi a manhajar wayarta, muka kunna sanarwa, muka sa lambarta a matsayin hanyar dawo da asusu idan kalmar sirri ta ɓace. Na kuma gaya mata ta riƙa leƙa shi ko bayan ta samu aiki, domin tun Disamba 2023 Google yana iya share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Daga nan ta gyara adireshin a saman tarihin aikinta, ta mayar da takardar PDF mai ɗauke da sunanta a matsayin sunan fayil, ta sake turowa daga inda take zaune. Na rubuta sunanta a wurin bincike, saƙo ɗaya ya fito, shi na miƙa wa mai kamfanin.