Kada ka ajiye tsohon aikinka sai ranar fara sabon ta zo maka a rubuce

Ƙannena maza da mata da kuka samu sabon aiki, ina taya ku murna. Akwai wani ɗan lokaci tsakanin ranar da aka ce an ɗauke ka da ranar da za ka zauna a kan kujera, kuma a nan ne na yi asarar da har yau nake jin ta. Ba na son ta same ku. Zan yi magana da "ka", amma ƙannena mata har da ku.

Na samu aiki a wani kamfani mai zaman kansa a Abuja alhali ina aiki a Kano. Jami'ar sashen kula da ma'aikata ta kira ni ta ce an ɗauke ni, kuma suna sa ran in fara "farkon wata mai zuwa". Washegari na miƙa takardar ajiye aiki. Da takardar ɗauka ta iso, sai na ga ashe ɗaukar da sharaɗi: sai an tantance takarduna, an tuntuɓi waɗanda na ba da sunayensu, an kuma yi mini gwajin lafiya. Ba a rubuta wata rana ba ko kaɗan. Tantancewar ta ja lokaci, rukunin da za a horar a wannan wata ya wuce ni, aka ce in jira na gaba. Na zauna ba albashi a can, ba albashi a nan, ga iyali. Jami'ar ba ta yi mini ƙarya ba, abin da take fata ta faɗa. Ni ne na ɗauki fata na mayar da shi alkawari.

Saboda haka abu na farko shi ne ka karanta takardar ɗauka a tsanake, kana neman abu biyu: shin akwai rana ƙayyadajjiya, da kwanan wata da shekara, kuma shin akwai sharaɗin da bai cika ba tukuna? Idan akwai sharaɗi, ka tambayi wa zai cika shi, da kuma lokacin da za a sanar da kai ya cika. Sai ka samu amsa a rubuce kafin ka taɓa tsohon aikinka. Idan a waya aka faɗa maka ranar, ka tura imel a wannan yinin ka ce kana tabbatar da abin da kuka yi magana, cewa za ka fara ranar Litinin kaza ga watan kaza, kana roƙon a amsa. Wannan ba rashin kunya ba ne. Mu mun taso da jin nauyin maimaita tambaya ga wanda ya yi mana alheri, amma mai kula da ma'aikata yana hulɗa da mutane da yawa a lokaci guda, kuma saƙon da ke rubuce yana taimakonsa kamar yadda yake taimakonka.

Ranar farawa kuma ba ita kaɗai take tafiya ba, tana ɗaure da wa'adin sanarwar da tsohon wurinka yake bin ka. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ajiye mafi ƙarancinsa: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. Amma takardar yarjejeniyarka tana iya cewa fiye da haka, kuma kamfanoni da yawa wata ɗaya suke rubutawa ga kowa. Ka ɗauko tsohuwar takardarka ka duba. Misali, idan wata ɗaya ne, kuma sabon wurin ya tabbatar maka a rubuce ranar 10 ga Maris, to ko a ranar ka miƙa takarda ba za ka kuɓuta ba sai wajen 10 ga Afrilu. Idan sun ce ka fara 1 ga Afrilu, akwai gibin kwana tara ko goma. Ko dai ka roƙi a matsar da ranar, ko ka yi amfani da ragowar hutunka na shekara idan tsohon wurin ya yarda, ko ka biya kuɗi a madadin sanarwa. Ka faɗa wa sabon wurin wannan tun da wuri. Yawanci suna yarda, domin su ma ba sa son mutumin da zai gudu ya bar aiki a watse, kuma sau da yawa za su nemi takardar da ke nuna an sallame ka lafiya.

Idan ranar ta faɗo kusa da Sallah, ka tambaya a fili me zai faru idan ta zama ranar hutu. Sai an ga wata ake tabbatar da ranar idi, kuma gwamnatin tarayya tana sanar da hutu ne kwanaki kaɗan kafin lokacin.

Yanzu takardu, inda na fi so ku tsaya ku saurare ni. Jerin da ake nema kusan ɗaya ne a ko'ina: shaidar karatu ta asali da kwafinta, takardar kammala NYSC ko ta yafewa, lambar NIN, lambar asusun banki, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, hotuna ƙanana, fom ɗin masu tsaya maka, takardar lafiya, wani lokaci da shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Tara su ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce su faɗi abu ɗaya game da kai.

A takardar jami'ata an rubuta Mohammed. A NIN Muhammad ne. A banki kuma na ƙara sunan garinmu a ƙarshe, kamar yadda yawancinmu muke yi tun daga firamare. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, domin duk wanda ya san ni ya san mutum ɗaya ne. Mai shigar da suna cikin jerin albashi bai san ni ba, kuma aikinsa ne ya tsaya idan sunan da ke takardar ɗauka bai yi daidai da na asusun banki ba. Haka aka yi. Na fara aiki, amma albashin farko bai shigo ba sai da na je kotu na yi takardar rantsuwa cewa duk sunayen nan nawa ne, na kuma bi layin gyara a banki. Da na shimfiɗa takarduna a kan tabarma tun ranar da aka kira ni, na duba harafi bayan harafi, da na gama wannan tun ina Kano.

Ka duba abu uku a kowace takarda: yadda aka rubuta suna, jerin sunayen, da ranar haihuwa. Ranar haihuwa ta fi suna wuyar gyarawa, musamman a NIN, don haka idan a nan saɓanin yake kada ka jira. Ƙanwata da kika yi aure kika sauya suna, ki tanadi takardar rantsuwa da shaidar bugawa a jarida. Kuma duk abin da ka gano, ka faɗa wa sashen ma'aikata da kanka, ka tambaye su wace shaida suke karɓa. Saɓanin da ka bayyana gyara ne kawai. Wanda suka gano da kansu yana sa su fara zargi.

Game da fansho, idan ka taɓa aiki kana da asusu, to lambar nan da take farawa da PEN ita za ka ba su tare da sunan kamfanin fanshonka. Kada ka buɗe sabo don an miƙo maka fom a ranar farko. Asusu ɗaya ne yake bin mutum daga aiki zuwa aiki, kuma a ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 ana cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga wajenka, mai aiki ya ƙara aƙalla kashi 10. Idan lambobi suka zama biyu, kuɗinka ya rabu, haɗa su kuma doguwar tafiya ce.

Masu tsaya maka su ma kada ka bar su sai daren ƙarshe. Wasu wurare suna ƙayyade irin mutumin da suke so, kamar ma'aikacin gwamnati mai wani mataki, kuma sukan nemi hotonsa da kwafin katin shaidarsa. Ka je wurin Kawu ko Malam da kanka, ka gaishe shi, ka sanar da shi za a iya kiransa, domin lambar da ba a ɗauka tana tsayar da fayil.

Akwai tambayar da ban san ana yi ba sai da na sha wuya: wace rana ake rufe lissafin albashi na wata? Wurare da yawa suna rufewa tun tsakiyar wata ko jim kaɗan bayan haka. Idan ana rufewa ranar 15, ka fara ranar 18, to akwai yiwuwar kwanakinka na wannan wata sai ƙarshen wata mai bi za a haɗa maka. Ma'ana kusan mako shida kana kashe kuɗin mota da abinci da masauki daga aljihunka. Wanda ya san haka zai yi tanadi, ko ya roƙi a dawo da ranar farawa baya kaɗan.

Sauran na ranar farko gajeru ne, kuma saƙo ɗaya ya ishe su. Ina za ka je, hedikwata ko reshen da aka tura ka? Sau da yawa ba wuri ɗaya ba ne, kuma adireshin da ke saman takarda na hedikwata ne. Ƙarfe nawa? Wa za ka ce kana nema a bakin ƙofa, kuma an ba masu gadi sunanka? Wace irin shiga ake yi, kaftani da hula sun yi, ko akwai tsari na daban? Za ka zo da takardun asali, kuma za a duba a mayar maka a ranar? Idan baƙon gari ne kai, ka gwada hanyar a ranar aiki da sassafe. Wanda ya sauka a Mararraba ya auna tafiyarsa zuwa cikin Abuja ranar Lahadi, cunkoson Nyanya zai ba shi mamaki ranar Litinin.

Kafin ka tura NIN da bayanan bankinka ga kowa, ka duba adireshin imel ɗin da ya nema, ka ga ko ɓangaren da ke bayan alamar @ na kamfanin ne. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, ka kira lambar da ke shafin kamfanin, ba wadda ke cikin saƙon ba. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin fom ko na horo ko na kayan aiki zuwa asusun wani mutum kafin ka fara, ka dakata. Lambar sirrin katinka da lambar da banki yake turo maka a waya kuwa, babu sashen ma'aikatan da yake buƙatarsu don ya biya ka albashi.