Layuka Uku Da Na Rubuta Bayan An Ce Ba A Ɗauke Ni Aiki Ba

Saƙon ya shigo imel ɗina ranar wata Alhamis bayan la'asar, kwana goma sha biyu da yin intabiyu. Wata ƙungiya mai zaman kanta da ke aikin kiwon lafiya a Kano ce ta tallata gurbin jami'in sa ido kan ayyuka da tantance sakamakonsu, na kuma tsallake matakai biyu, wato tace takardu da jarrabawar rubutu ta awa ɗaya da rabi a kan Excel, kafin na zauna gaban kwamiti mai mutum uku na tsawon minti arba'in. Saƙon bai wuce jimla huɗu ba, kuma abin da ya ƙunsa shi ne sun gode, sun kuma zaɓi wani wanda gogewarsa ta fi dacewa da buƙatarsu.

A daren nan na zauna na rubuta amsa, kuma a zuciyata neman shawara nake yi. Na fara da godiya, sannan na ce na yi mamakin wannan hukunci ganin cewa na shekara huɗu ina irin wannan aiki, na tuna musu cewa wuta ta ɗauke ana tsakiyar jarrabawar rubutu har na yi asarar kusan minti goma, na ƙara bayani a kan tambaya ta uku wadda nake zaton ba su fahimci amsata ba, daga ƙarshe na ce ina so a gaya mini dalilin da ya sa ba a ɗauke ni ba. Da na ƙirga sai na ga layi goma sha ɗaya. Allah ya taimake ni ban aika ba, domin na yanke shawarar in fara nuna wa kawuna, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati bayan ya sha zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata.

Washegari bayan an sauko daga masallacin Juma'a na miƙa masa wayar, ya gyara tabarau ya karanta sau biyu. Sai ya ce, "Ɗana, wannan ai ɗaukaka ƙara ka rubuta. Ina tambayar take?" Na ce, "Kawu, ga ta nan a ƙarshe." Ya ce duk wanda ya karanta layuka goman farko ya riga ya san cewa ban yarda da hukuncin ba, saboda haka kafin ya kai ga na goma sha ɗaya ya gama shirin kare kansa. Ya bayyana mini cewa a lokacin da ake aika wa mutum saƙon rashin nasara, bakin alƙalami ya riga ya bushe: an haɗa makin da kowane ɗan kwamiti ya bayar, an sa hannu a rahoto, kuma galibi wanda aka zaɓa ya riga ya karɓi tayin. Duk wata hujja da zan kawo a wannan gaɓa ba za ta sauya komai ba, illa dai ta sa jami'in kula da ma'aikata ya ɗauki saƙon a matsayin mafarin ƙorafi, wanda kuma amsarsa ita ce shiru ko maimaita jimlar nan ta gogewar da ta fi dacewa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kalmomin da ya sa mini yatsa a kai, domin ni ban ga laifinsu ba. Na farko shi ne "na yi mamaki", wanda ya ce ma'anarsa a kunnen mai karatu ita ce kun yi kuskure. Na biyu shi ne "amma", wadda ta zo sau uku, kuma kowace ta rushe godiyar da ta gabace ta. Na uku shi ne tambayar kanta. "Me ya sa ba a ɗauke ni ba" tambaya ce da ke tilasta wa mutum ya kwatanta ni da wanda aka zaɓa, kuma wannan shi ne ainihin abin da ma'aikaci mai hankali ba zai rubuta ba, saboda bayanin wani ɗan takara amana ce a hannunsa. Idan na tambayi abin da zan gyara nan gaba, na ba shi damar ya yi magana a kaina ni kaɗai, a kan abin da yake da shi a rubuce cikin takardar makinsa.

Mun zauna mun rage shi. Da Turanci na aika wa matar da ta jagoranci kwamitin, domin da shi aka yi duk harkar, ga kuma ma'anarsa:

"Ina godiya da sanar da ni hukuncin da kuma lokacin da kwamiti ya ba ni, kuma na karɓi sakamakon. Idan kin samu sarari, zan so ki nuna mini abu ɗaya a cikin amsoshina na intabiyu wanda ya kamata in ƙarfafa kafin in nemi irin wannan aiki nan gaba. Jimla ɗaya ko biyu ta wadatar. Idan kuma ƙa'idar ƙungiyar ba ta ba da damar hakan ba, na fahimta."

Kowane layi da aikinsa. Na farko yana rufe ƙofar jayayya, kuma kalmomin "na karɓi sakamakon" su ne suka fi yi mini nauyin rubutawa, domin a lokacin zuciyata ba ta gama karɓa ba. Layi na biyu ya taƙaita buƙatar har ta zama abin da mutum mai tarin aiki zai iya amsawa a cikin minti biyu. Da na ce a ba ni shawara kawai, da na ɗora masa aikin tunanin inda zai fara, wanda sau da yawa yakan ƙare da a yi haƙuri, an samu masu nema da yawa. Da na ce abu ɗaya, a cikin intabiyu, sai na nuna masa shafin da zai buɗe. Layi na uku kuwa na so in cire shi, ina ganin kamar ina koya musu yadda za su ƙi ni ne, sai Kawu ya ce in bar shi, domin wanda aka bai wa hanyar fita ba ya jin an tsare shi, kuma wasu wuraren da gaske suna da dokar hana irin wannan bayani.

Akwai kuma batun wanda za a aika wa. Saƙon rashin nasarar ya fito ne daga ofishin kula da ma'aikata, amma wadda ta jagoranci kwamitin, shugabar sashen da zan yi aiki a ƙarƙashinsa, ita ce ta yi mini tambayoyin da suka shafi aikin, kuma adireshinta yana cikin takardar gayyatar intabiyun. Ita na rubuta wa, na sanya jami'in kula da ma'aikata a kwafi don kada ya zama na bi ta bayan gida. Ban nemi lambar wayarta ba duk da cewa akwai wanda ya ce zai samo mini, domin kiran waya yana tilasta wa mutum ya amsa nan take ba shiri, kuma shigo da wani a tsakani yana mayar da tambayar ta zama kamun ƙafa. Na aika ranar Litinin da safe, kwana huɗu bayan hukuncin, lokacin da raina ya ɗan huce kuma su ba su manta fuskata ba tukuna.

Amsa ta zo bayan kwana shida, ita ma layi uku. Ta ce jarrabawata ta rubutu tana cikin masu kyau, wanda ke nufin ɗaukewar wutar da na so in kafa hujja da ita ba ta taɓa zama matsala ba. Inda na rasa maki shi ne tambayoyin da aka ce in ba da misalin wata matsala da na warware, domin a duk amsoshina "mun yi" nake cewa, har kwamitin ya kasa gane wane ɓangare ne aikina, wane ne na abokan aikina, kuma ban faɗi sakamakon da aka samu da adadi ba.

Wannan ya taɓa ni, saboda gaskiya ne kuma na san tushensa. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, don haka ko aikin da mutum ya yi shi kaɗai sai ya ce mun yi. A gaban kwamitin da ke ba da maki ga mutum ɗaya, wannan kunyar ta ɓoye abin da suka zo aunawa. Misalin da na ba su shi ne na gyara yadda asibitocin karkara goma sha huɗu ke aiko da rahoton wata. Ni na gano cewa fom biyu suna tambayar abu ɗaya, ni na haɗe su, ni na horar da masu cikewa, har asibitocin da ke kawo rahoto a kan lokaci suka tashi daga shida zuwa goma sha biyu. Abin da na faɗa a intabiyun shi ne mun yi ƙoƙari mun inganta rahoto.

A nan aka sake gwada haƙurina, domin da na karanta amsarta sai hannuna ya fara rubuta cewa ai na ambaci horon da na bayar, wataƙila ba a ji ba ne. Da na aika wannan, da na rushe layukan ukun gaba ɗaya, na kuma nuna cewa tun farko hanyar sake buɗe shari'ar nake nema. Na goge, na rubuta cewa na gode ƙwarai, wannan bayani ne da zan yi aiki da shi, na tsaya a nan ba tare da ƙara wata tambaya ba.

Ba kullum ake dacewa ba. Bayan wata biyu wata ƙungiyar ta ƙi ni tun a matakin tace takardu, na aika kusan irin wannan saƙon, har yau ban ji komai ba. Daga baya na gane cewa a wannan matakin babu wanda ya zauna da ni balle ya riƙe wani abu a kaina, kuma mai yiwuwa takardata ɗaya ce cikin ɗaruruwa, don haka yanzu ba na tambaya sai inda na kai ga intabiyu. Na sake tuntuɓar su sau ɗaya bayan mako biyu da layi guda, sannan na bar maganar.

Kafin intabiyun da ya biyo baya na ɗauki takarda na rubuta misalai biyar daga aikina, kowanne da matsalar, da abin da ni kaina na yi, da adadin da ya sauya. Na karanta wa Kawu su a zaurensa, ya riƙa ɗaga hannu duk lokacin da "mun" ta kuɓuce mini, kuma a karatun farko ya ɗaga sau tara.