Darussa daga babin ilafa: ina ma'arifa take zama?

Abin da ya fi kayar da ɗaliban nahawun Larabci a babin ilafa, wato jingina suna ga wani suna kamar littafin malami, ba kasrar suna na biyu ba ce, wannan da wuri ake haddace ta. Matsalar ita ce gane matsayin suna na farko, wato mulafi, domin ba ya ɗauke da wata alama a jikinsa. Ba ya karɓar alif da lam, ba ya karɓar tanwini. Idan musanna ne, wato mai nuna biyu, ko jam'in maza lafiyayye, nunun ƙarshensa ma faɗuwa take yi: mu'allimuna ya koma mu'allimul madrasati, malaman makarantar. Ɗalibin da ya saba cewa alif da lam ce shaidar ma'arifa, wato sanannen suna, sai ya dubi mulafi ya gan shi tsirara, ya yanke masa hukuncin nakira, wato sunan da ba sananne ba.

Hukuncin yana wurin suna na biyu, mulafun ilaihi. A kitabul mu'allimi, littafin ya zama ma'arifa saboda malamin sananne ne. A kitabu mu'allimin kuwa littafin yana nan nakira, abin da ya samu kawai keɓancewa ce: an san na wani malami ne, ba na ɗan kasuwa ba, amma ba a san wane littafi ba ne. Bahaushe na da sauƙi a nan, don shi ma a ƙarshe yake sa alamar: littafin malami, littafin malamin. Ko da sunayen sun yi jere, dokar ba ta canzawa. A miftahu sayyarati mudiril madrasati, makullin motar shugaban makarantar, sunaye huɗu ne, na ƙarshe kaɗai ke da alif da lam, kuma daga gare shi sauran ukun suka zama ma'arifa. A mai da shi madrasatin, duk jeren ya koma nakira.

Sai dai kada a dogara da tanwini wajen yanke hukunci. A kitabu Zaidin akwai tanwini a ƙarshe, amma Zaidu sunan yanka ne, ma'arifa ne da kansa, saboda haka littafin ma'arifa ne. Haka ma kitabuhu, domin lamiri ma'arifa ne.

Inda ake gane wanda ya fahimta shi ne wurin sifa. Sifa ba ta shiga tsakanin sunayen biyu, sai ta jira a gama ilafar, kuma dole ta bi mulafi a ma'arifarsa ko da shi bai nuna ba. Sabon littafin malamin shi ne kitabul mu'allimil jadidu. Wanda ya rubuta kitabul mu'allimi jadidun ya gina cikakkiyar jimla ne bai sani ba: littafin malamin sabo ne, mubtada'i da habari. Ina ganin wannan ita ce jarrabawar da ta fi kowace tona asiri, domin kuskuren ba ya ɓata Larabcin a kunne, ma'anar kawai yake sauyawa.

Daga nan wani ruɗanin yake tasowa. Tunda sifar tana ƙarshe, wa take siffantawa? Wasali ne ke raba gardama. Jadidu da rufu'a na littafi ne, jadidi da kasra na malami ne. A rubutun da ba wasali, kamar na jarida, sai a duba jinsi: sayyaratul mudiril jadidatu motar ce sabuwa, tunda sifar ta mace ce. Idan kuma mulafin shi ma majruri ne, wato yana da kasra, kamar fi kitabil mu'allimil jadidi, wasali ba ya taimako, sai ma'anar zancen. Marubutan zamani sukan kauce wa wannan da harafin lam: alkitabul jadidu lil mu'allimi.

Lam ɗin nan ita ce mafita idan ana son na farko nakira, na biyu ma'arifa, abin da ilafa ba ta iya bayarwa. Ibnul mudiri ɗan shugaban ne takamaimai. Wani ɗa na shugaban kuwa ibnun lil mudiri ne, ko ahadu abna'il mudiri, ɗaya daga cikin 'ya'yansa.

Duk wannan a ilafar ma'ana ne. Akwai ta lafazi, inda mulafin sifa ce irin hasanun, kuma ita ba ta ba da ma'arifa sam. Shi ya sa ake cewa rajulun hasanul wajhi, wani mutum mai kyan fuska, nakira ta samu sifa duk da alif da lam ɗin da ke kan wajhi. Idan mutumin sananne ne sai a ce arrajulul hasanul wajhi, mulafin da kansa ya ɗauki alif da lam. Kafin a ce wa ɗalibi ya yi kuskure don ya sa ta a kan mulafi, a fara duba ko kalmar suna ce irin kitabu ko kuwa sifa ce.