Ranar da ake fara ƙirga wa'adin ƙarar kora daga aiki

A lokacin da nake karatun dokokin ƙwadago, malaminmu ya ba mu wata tambaya da na ɗauka mai sauƙi ce. Wani ma'aikaci a Jamus ya karɓi takardar sallama a ranar 3 ga Maris, an rubuta a ciki cewa aikinsa zai ƙare a ranar 30 ga Afrilu, kuma doka ta ba shi mako uku ya shigar da ƙara a kotun ƙwadago. Na ƙirga daga ranar da zai bar aiki, na rubuta 21 ga Mayu ba tare da wata shakka ba. Malamin ya ja jan layi a ƙarƙashin amsar, ya rubuta 24 ga Maris a gefe, domin a can wa'adin yana farawa ne daga ranar da rubutacciyar takardar ta shiga hannun ma'aikaci, ko da yana ci gaba da zuwa aiki yana karɓar albashinsa. Wanda ya bari mako ukun ya wuce, doka tana ɗaukar korarsa a matsayin halastacciya, komai ƙarfin hujjar da ke hannunsa.

Tun daga ranar na daina fara tambayar ma'aikaci dalilin korarsa. Abin da nake fara nema shi ne takardar da ambulan ɗinta, da ranar da ta iso gare shi. Labarin zaluncin yana iya jira zuwa gobe.

Da muka zo kan Afirka ta Kudu sai na ga lissafin ya sauya. Dokar ƙwadagon ƙasar ta 1995 ta ba da kwana 30 a kai ƙorafi gaban hukumar sulhu ta CCMA, ana ƙirgawa daga ranar kora, ko daga ranar da mai aiki ya yanke hukuncinsa na ƙarshe idan ma'aikacin ya ɗaukaka ƙara a cikin ma'aikata. Hukumar tana zaunar da ɓangarorin biyu, idan sulhu ya gagara ta ba da takardar shaida, daga nan kuma sai sabon wa'adi na kwana 90 ya fara, na neman a yanke hukunci a hukumar ko a kai maganar kotun ƙwadago, gwargwadon dalilin korar. A ganina wannan wa'adi na biyu ya fi saurin kuɓucewa, saboda mutum yana ganin tun da ya shigar da ƙorafi ya riga ya sauke nauyi.

A Afirka ta Kudu, wanda ya makara yana iya roƙon a yi masa uzuri, amma sai ya bayyana tsawon jinkirin da dalilinsa, ya kuma nuna cewa ƙarar tasa tana da makama. Kwanciya a asibiti da takardar likita hujja ce da ake saurara. Cewa shugaban wurin aiki ya yi alkawarin za a duba maganar, shi ya sa aka jira, da wuya ta fitar da mutum.