Kwaɗon da ba a fasa ba

A makon jiya na tsaya a ƙofar shagon wani matashi da bai fi wata uku da buɗewa ba a layinmu, na tarar da wakilin wani kamfanin inshora ya shimfiɗa masa takardu a kan kanta yana nuna masa inda zai sa hannu. Yaron yana riƙe da biro a hannun dama, waya a hannun hagu, idonsa kuma yana kan wayar. Na ce masa, "Ɗana, ka karanta abin da aka togace a cikin takardar nan kuwa?" Ya ɗago ya yi murmushi irin na wanda tsoho ya katse wa hira, ya ce, "Baba, ai ya ce komai da komai yana ciki." Wannan maganar ce ta hana ni barci a daren, domin ita ce dai na faɗa da bakina shekarun baya.

Shekara 4 na yi ina biyan kuɗin inshorar gobara da ta sata ba tare da na makara ko sau ɗaya ba. Takardar yarjejeniyar shafi 14 ce, kuma abin da na taɓa karantawa a cikinta shi ne shafin farko, inda sunana da adireshin shagon da jimillar darajar kayan suke, sannan na saka ta cikin ambulan na tura ƙarƙashin littattafan bashi. Ban ɗauki wannan a matsayin sakaci ba a lokacin, kuma ko yanzu ina ganin ina da ɗan uzuri, domin rubutun ƙanana ne kamar ƙwan kifi, harshen kuma na lauyoyi ne, mutumin da ya sayar mini kuwa ya sha zama a bencina muna hira. Ta yaya zan zauna ina bin takardarsa layi-layi kamar ina zarginsa?

Wata safiya na zo buɗe shago, na sami kwaɗon a rufe yadda na bar shi, na sa makulli ya buɗe lafiya lau. Sai da na tura ƙofa na ga kantocin bango biyu wayam, durowar kuɗi a buɗe, katan-katan ɗin da ke sito na baya kuma an kwashe masu tsadar an bar tarkace. Na kai rahoto wurin 'yan sanda, na sanar da kamfanin a ranar, na kuma kwana da kwanciyar hankali irin ta wanda ya san ya yi tanadi. Har na riƙa ba maƙwabta haƙuri ina cewa kada su damu da ni.

Bayan kwana uku suka turo mai tantance asara. Na zaci kantocin zai fara dubawa, amma mutumin nan a bakin ƙofa ya tsugunna. Ya ɗauki kwaɗon ya juya shi, ya haska cikin kafar makullin da fitilar wayarsa, ya shafa ƙarfen sakata da yatsa, ya duba ko'ina a jikin ƙyauren yana neman tabon guduma ko na ƙarfen ɓanɓara. Ya hau tsani ya leƙa silin da kwano, ya girgiza ƙarafan taga. Sannan ya tambaye ni a hankali, "Alhaji, mutum nawa ne suke da makullin nan?" Na ce ni da yaron shagona. Ya ce ina yaron? Na ce tun jiya bai zo ba, wayarsa kuma a kashe. Ya rubuta, bai ce komai ba.

Wasiƙar da ta zo bayan makonni ba ta kai rabin shafi ba. Ta tura ni shafi na 9, kuma a ranar ce na fara buɗe shi. Ashe satar da suka ɗauki nauyi ba kowace sata ba ce, sai wadda ɓarawo ya shiga ko ya fita ta hanyar amfani da ƙarfi, wato ya fasa ƙofa ko kwaɗo ko bango ko rufi, har ya bar alamar da ido zai gani. Wanda ya buɗe da makulli bai fasa komai ba. A ƙarƙashin wannan kuma akwai togaciya ta biyu, cewa ba su biyan asarar da ke da hannun ma'aikacin mai shago ko wani daga iyalinsa. Rashin amanar ma'aikaci inshorarsa daban ce, da kuɗinta daban, kuma ni ban ma san ana sayar da ita ba.

A nan ne zan faɗi abin da nake jin kunyarsa. Tun a safiyar farko wani maƙwabci ya ja ni gefe ya ce in ɗauko guduma in farfasa kwaɗon kafin kowa ya zo. Na ƙi, kuma na sha ba da labarin kamar tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni, alhali gaskiyar ita ce ban ga amfanin yin haka ba, tunda a zatona biya ya zama dole. Bayan wasiƙar kuwa, akwai dararen da na kwanta ina cizon yatsa a kan rashin ɗaukar shawararsa. Daga baya na fahimci cewa da na yi, da na ƙara wa kaina masifa, domin ƙarya a wajen neman diyya tana rushe yarjejeniyar gaba ɗaya, tana kuma iya kai mutum gaban alƙali, mutumin da ya haska cikin kafar makulli kuma ba zai kasa bambance kwaɗon da ɓarawo ya ɓalle cikin duhu da wanda mai shi ya daka da safe ba.

Na je ofishinsu na ɗaga murya, na ce zalunci ne, kuma har yau ban janye rabin wannan maganar ba. Wanda ya iya zuwa shagona sau huɗu karɓar kuɗi, ya iya ɗaukar minti biyar ya ce mini, "Ka kula, in da makulli aka shiga babu ruwanmu." Sai dai wata ma'aikaciya mai haƙuri ta zaunar da ni ta yi mini wani lissafi da ya kashe mini jiki. Ta ce mu ɗauka ma an fasa ƙofar. In aka raba asarata kashi goma, kashi ɗaya tsabar kuɗi ne da na bari a durowa, kuma inshorar kaya ba ta ɗaukar tsabar kuɗi. Kashi uku kayan wani ne da ya ajiye a wurina in sayar masa, kuma kayan amana ba sa shiga sai an ambace su a takarda tun farko. Saura shida. To darajar da na rubuta a shekarar farko ban taɓa sabunta ta ba, alhali kayan da ke shagon sun ninka, wato rabin dukiyata kawai na biya wa inshora, saboda haka rabin asarar za su biya. Shida ta koma uku, a cikin ukun ma sai an cire ɗan kason farko da yarjejeniya ta ɗora wa mai shago a kowace asara. Shekara 4 ina barci a kan abin da ko a rana mafi kyau bai kai uku cikin goma ba.

Tun daga nan na zama abin tsokana a layinmu, tsohon da ke yawo da tabarau yana cewa a fito da ambulan. Ban damu ba. Mun zauna da mai shagon da ke kallon nawa, muka tarar takardarsa ta gobara ce zalla, babu ambaliya a ciki, ga shi kuwa duk damina ruwan kwata sai ya leƙa masa ƙofa. Ya je ya biya ƙari aka saka masa, suka kuma gindaya masa sharaɗin ɗora kaya a kan katako sama da daɓe, wanda in ya saɓa ba za su biya ba. Wani kuma yana tara jarkokin fetur na janareta a bayan kanta, alhali a fom ɗin da ya cika an amsa cewa ba ya ajiye abu mai saurin kama wuta. Ba shi ma ya cika fom ɗin ba, wakili ne ya cika masa, shi dai ya sa hannu, kuma sa hannun ne za a riƙe ranar da wuta ta tashi.

Na yi niyyar jera muku shawarwari goma, amma na san 'yan yanzu, ko saƙon da ya wuce layi uku sai kun ce a yi muku shi da murya. To ku fara karanta takardar daga wurin da aka rubuta abin da ba a biya, kafin ku kalli inda aka rubuta abin da ake biya. Ku karanta duka, kowane layi. Ko da yake, in faɗi gaskiya, ni kaina da na karanta duka ban gane rabi ba, saboda haka abin da ya fi shi ne ku bar takardar ku tambaya da misalin shagonku: in yarona ya buɗe da makulli fa? In ruwa ya shigo ta ƙasan ƙofa fa? In na rufe shago na yi tafiyar wata biyu fa? Wannan ta ƙarshen ba wasa ba ce, domin takardu da yawa suna dakatar da kariya in wuri ya zauna babu kowa fiye da kwana 30 ba a sanar ba.

Kada ku yarda da bakin wakili. Amma kuma shi ɗin dai za ku tambaya, don babu wani, sai dai duk abin da ya amsa da "yana ciki" ku ce ya nuna muku layin, in babu layin a rubuto muku shi daga kamfani a haɗa da yarjejeniyar. Wani zai ce tunda haka ne gara a bar inshorar kwata-kwata, kuma ni ma na faɗi haka na tsawon shekara guda, sannan na koma na sabunta, da sabuwar daraja, da kayan amana a rubuce, makulli kuma ɗaya tak a aljihuna.

Shekaranjiya na koma wurin yaron nan da tabarauna. Ya riga ya sa hannu, amma ya yarda ya fito da ambulan ɗin, muka buɗe shafin togaciya, na ɗora yatsa a kan layin ina karantawa yana leƙen waya. Da muka iso maganar makulli sai ya kife wayar a kan kanta, ya ce, "Baba, dakata. Nawa makullin guda uku ne, ɗaya yana hannun abokina, ɗayan kuma ban ma tuna wanda na ba wa ba."