38, 36 ko 32? Yau dai lissafin ATP ya zauna mini

'Yan uwa masu fama da bayokemistiri, yau na rabu da abin da ya daɗe yana hana ni sakat, wato adadin ATP, sinadarin da ƙwayoyin jiki ke kashewa a matsayin makamashi, da ake samu daga gulukos guda ɗaya. Silaid ɗin malaminmu ya ce 38. Wani bidiyo da kowa a ajinmu ke yabawa ya ce 36. Littafin da nake karantawa kuwa cewa ya yi 30 zuwa 32. Majiya uku, amsa huɗu, kuma kowacce ta faɗi tata ba ko shakka. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na yi niyyar gama wannan babi in shiga na kitse, sai ga lamba ɗaya ta tsare ni.

Na ƙara neman wasu bidiyoyin, mafi yawansu 36 ko 38 suka ce. A nan ne na gane cewa yawan masu faɗin abu ba hujja ba ne idan duk daga tushe ɗaya suka kwaso. Mutum goma da suka kwafi tsohon littafi guda, shaida ɗaya ce. Ranar da aka ɗora bidiyo ma ba ta nuna shekarun ilimin da ke cikinsa: ana iya ɗora shi bana, bayaninsa kuwa na shekaru aru-aru ne. Data ta tafi, dare ya tafi, ban ƙaru da komai ba, kuma wannan ya yi mini ciwo.

Abin da ya warware matsalar shi ne na daina tambayar wa ya fi gaskiya, na koma tambayar daga ina kowa ya samo lambarsa. Da na jera su a takarda, sai na ga duk sun yarda da kayan lissafin. Daga gulukos ɗaya ana samun masu ɗaukar lantarki, wato NADH guda 10 da FADH2 guda 2, sai ATP guda 4 kai tsaye, biyu daga gilaikolisis, biyu daga zagayen Krebs. Babu saɓani a nan ko kaɗan. Saɓanin yana wajen farashin canji, wato ATP nawa kowane NADH da FADH2 ke bayarwa.

Tsohon lissafi ya ba NADH 3, ya ba FADH2 2. Ke nan 30 da 4 da 4, ya zama 38, lambar silaid. Sabon lissafi ya ba NADH 2.5, FADH2 kuma 1.5. Ke nan 25 da 3 da 4, ya zama 32, lambar littafi. To me ya kawo rabi-rabin nan? Littafin ne kaɗai ya yi bayani. Tun da Peter Mitchell ya kawo ra'ayinsa a 1961, wanda ya kai shi ga kyautar Nobel a 1978, aka fahimci cewa ba kai tsaye NADH ke haifar da ATP ba, furoton yake sa a tura waje ta fatar cikin mitokondiriya. NADH ɗaya na tura furoton 10, FADH2 na tura 6, kuma ana buƙatar kimanin 4 kafin a samu ATP ɗaya, idan an haɗa da wanda ake kashewa wajen shigo da fosfat. Raba 10 da 4, ka samu 2.5. Raba 6 da 4, ka samu 1.5. Da na ga haka, wallahi sai da na miƙe tsaye don murna.

Saura 36 da 30. NADH biyun da gilaikolisis ke samarwa a wajen mitokondiriya suke, kuma ba sa iya ratsa fatar ciki. Idan lantarkinsu ya shiga ta hanyar malet da aspatet, darajarsu ba ta raguwa. Idan ta hanyar gilisarol-fosfat ya bi, sai kowanne ya koma darajar FADH2, a yi asarar ATP ɗaya a kan kowanne. Cire 2 daga 38, ga 36 ɗin bidiyo. Cire 2 daga 32, ga 30. Ashe babu wanda ya ƙirƙiri lamba. Bidiyon tsohon farashi ya ɗauka, ya zaɓi hanya ɗaya daga cikin biyu, bai kuma gaya wa kowa ya yi zaɓi ba. Wannan shirun ne ya sa na rage yarda da shi, duk da zanensa ya fi na kowa kyau.

Don haka yanzu ma'aunina shi ne: majiyar da ta nuna mini hanyar da ta bi, har zan iya maimaita lissafin da birona, ita nake ba amana. Wadda ta jefo mini sakamako kawai, ko da daidai ne, sai na tabbatar a wani wuri. A littafi kuma ina buɗe shafin da ke bayan take in duba bugu na nawa ne da shekarar da aka sabunta shi, domin shekarar da aka sake buga shi ba tare da gyara ba ba ta nufin komai.

Tsarin karatuna ma ya sauya, ko da yake ba yadda na tsara shi tun farko ba. Silaid ba ya koyar da ni, iyakar fili yake nuna mini: ga abin da malam ke so, ga inda ya tsaya. An yi shi ne don a yi magana a kansa, shi ya sa yake zuwa da lamba tsirara babu dalili. Littafi ɗaya tak na riƙe a matsayin alƙali, na mayar da sauran. Bidiyo kuwa ba na buɗe shi sai na rubuta tambayar da nake son ya amsa, misali yadda injin haɗa ATP ke juyawa, abin da hoton littafi ba zai iya nunawa ba. Da ya amsa, sai in rufe, ko da saura minti ashirin. Rubutuna shafi ɗaya ne ga kowane batu, ba shafi ɗaya ga kowace majiya ba, kuma inda suka saɓa ina rubuta dalilin saɓanin a gefe da jan biro.

Batun jarrabawa fa? Na je na sami malam da takardata, na ce: "Malam, don Allah wanne kuke so mu rubuta, 38 ko 32?" Ya ce in rubuta farashin da na yi amfani da shi a layin farko, sannan in nuna lissafi, kowanne ne zai karɓa. Ku ma ku tambayi naku malaman, kada ku ɗauka haka yake a ko'ina, musamman idan tambayoyin na zaɓi ɗaya cikin huɗu ne.

Da yamma na leƙa babin kitse, sai ga rigimar ta biyo ni: falmitet, wani nau'in sinadarin kitse, yana ba da ATP 129 a wani wuri, 106 a wani. Wannan karon ban ɓata lokaci ba. Zagaye bakwai ake yi wajen farfasa shi, kowanne da NADH ɗaya da FADH2 ɗaya, sai asetil-CoA guda takwas, a cire 2 na kunnawa. A tsohon farashi 35 daga zagaye bakwai ɗin da 96 daga asetil-CoA, a cire 2, ya ba da 129. A sabo 28 da 80 a cire 2, ya ba da 106. Wannan ya zama mini gwaji mai sauƙi ga duk wata takardar taƙaitawa da ake turo mana: idan na ga 32 a wajen gulukos sannan 129 a wajen falmitet, na san an harhaɗo ta ne daga wurare biyu ba tare da an duba ba. Ɗaya daga cikin waɗanda ke wayata haka take, kuma ita ce na so in dogara da ita a babin sinadaran amino, don haka yanzu sai na bi ta layi-layi da littafi a buɗe.